Ka soke rajista yau, sauran kwanakin naka ne, amma kuɗin ba zai dawo ba

Duk wanda ya biya kuɗin wata a wata manhaja ta kallo, ko ta sauraro, ko ta karatu, sannan ya ga ba zai ci gaba ba, tambaya biyu ke tsaya masa a rai. Idan ya soke yau, za a rufe masa nan take ne, ko za a bar shi ya cinye sauran kwanakin da ya biya? Idan kuma ba ya bukatar kwanakin, me zai hana a maido masa da kuɗinsu? Amsar ta farko a mafi yawan lokuta ita ce ba za a rufe ba, sai ranar da wa'adin ya cika. Amsar ta biyu kuwa ita ce da wuya ka ga ko sisi. A ganina ƙin maido da kuɗin 'yan kwanakin da suka rage a cikin wata ɗaya ba zalunci ba ne, muddin mai saye ne ya canza ra'ayi kuma an bar masa kwanakinsa. Inda nake da ja shi ne idan aka shimfiɗa wannan ƙa'ida a kan wanda ya biya kuɗin shekara, ko a kan ranakun da kamfanin ne da kansa ya gaza.

Ruɗanin yana farawa ne daga abin da aka saya. Mai mitar KEDCO idan ya sayi yunit ɗari, adadi ya saya. Ya kashe wutar gidansa ya tafi Legas ci-rani wata uku, zai dawo ya tarar da yunit ɗinsa yadda ya bar shi. Wanda ya biya Netflix ko Spotify ko GOtv kuɗin wata kuwa lokaci ya saya, an buɗe masa ƙofa daga rana kaza zuwa rana kaza, ya shiga ko kada ya shiga. Kwanakin suna tafiya ko wayar tana kunne ko tana cikin akwati. Data ma da muke saye tana da fuska biyu, adadi ne amma an ɗaura masa wa'adi, shi ya sa mutum zai ga saura ya ɓace alhali bai taɓa shi ba.

Maɓallin sokewa ba ya taɓa wannan cinikin da aka riga aka ƙulla. Abin da yake tsayarwa shi ne ciniki na gaba. Ranar da ka sa lambar katin bankinka, izini biyu ka bayar a lokaci guda: a cire kuɗin wannan watan, kuma a riƙa cirewa duk wata ba sai an sake tambayarka ba. Idan ka soke, izini na biyun ka janye. Na farkon ya riga ya wuce.

A ɗauki misali. A ce wani mai shagon cajin waya ne a wani ƙauye da ke kusa da Ringim. Ya yi rajistar wata manhajar kallo ta hanyar Google Play a kan naira 3,000 duk wata, an cire kuɗin farko ranar 5 ga Yuni. Bayan mako guda ruwan shuka ya sauka, gari ya watse zuwa gona, shi ma daga asuba yana bakin shukar gero, da daddare ko ido ba ya iya ɗagawa. Ranar 12 ga Yuni sai ya yanke shawarar dainawa. Zai buɗe Play Store, ya taɓa hoton asusunsa a sama ta dama, ya shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, ya zaɓi manhajar, ya danna Cancel subscription. Za a tambaye shi dalili, sannan a sake neman ya tabbatar. Idan ya kammala, manhajar za ta ci gaba da yi masa aiki ranar 13, da ranar 20, har zuwa 5 ga Yuli. A ranar ne za a rufe, kuma ba za a taɓa asusun bankinsa ba. Google da kansa ya rubuta haka a ƙa'idojinsa: wanda ya soke zai ci gaba da amfani har ƙarshen lokacin da ya biya. Netflix ma haka, YouTube Premium ma haka. Spotify kan bar mutum a kan Premium har ranar da ya kamata a sake cirar kuɗi, sannan ya mai da shi tsarin kyauta mai talla.

Darasin da ke cikin wannan yana da sauƙi amma mutane da yawa suna yin akasinsa. Suna jinkirta sokewa zuwa ranar ƙarshe don tsoron kada a rufe musu, sai ranar ta zo babu sabis a garin, ko wayar babu caji, ko kawai a manta, da safe sai alat ya shigo an cire wata 3,000. Wanda ya san wata ɗaya kawai yake so, ya soke a ranar da ya biya, tun yana inda sabis yake da ƙarfi. Bai rasa ko kwana ɗaya ba. Idan daga baya ya ga yana son ci gaba, sake kunnawa aikin minti ɗaya ne. Jira har ranar ƙarshe yana da wani haɗarin kuma: Apple kan cire kuɗin sabuntawa a cikin sa'o'i 24 kafin wa'adi ya cika, don haka mai iPhone da ya bari sai ranar, mai yiwuwa ya tarar an riga an cire.

Yanzu ga lissafin da ke ci wa mai shagon nan tuwo a ƙwarya. Daga 5 ga Yuni zuwa 5 ga Yuli kwana 30 ne, kowace rana ta kama naira 100. Ya yi amfani da kwana 7, saura 23, wato naira 2,300. Ba ya kallo, ba zai kalla ba. Zai ce da ƙanensa da ya buɗe masa rajistar, “Kai, ka faɗa musu su rufe yau ɗin nan su ba ni canjina.” Ƙanen zai ce, “Yaya, ai babu wurin da ake danna wannan.” Gaskiyar yaron ce, babu. To me ya sa?

Dalilin da ya fi kowanne nauyi shi ne naira 100 ɗin nan ba farashin rana ɗaya ba ne. Farashin wanda ya ɗauki kwana 30 a dunƙule ne. A kasuwar Dawanau ba wanda zai sayi buhun gero a farashin buhu, ya ɗebi mudu bakwai, ya maido da sauran ya ce a ƙirga masa mudun da ya ɗiba a kan farashin buhu. Mudu yana da nasa kuɗin. StarTimes yana sayar da na rana da na mako da na wata, kuma duk wanda ya ninka kuɗin rana sau talatin zai ga ya zarce na wata. Haka datar rana take idan aka gwada ta da ta wata. Da za a riƙa maido da kuɗin saura a kan lissafin kwana-kwana, da kowa ya biya na wata ranar Juma'a, ya kalli abin da ya kawo shi cikin kwana uku, ya soke ranar Litinin ya karɓi 2,700. Kuma amfani da irin waɗannan manhajoji ba daidai yake a kowace rana ba. Mutum yakan shiga ne don wani fim mai dogon zango ko wasu wasannin ƙwallo, ya cinye mafi yawan abin da yake so a makon farko. Kamfanin da aka tilasta wa maido da saura ba zai yi asara ya zauna ba, zai ɗaga farashin wata ne a kan kowa, har da wanda bai taɓa sokewa ba.

Na biyu, kwanan da ba ka yi amfani da shi ba, ba ya rage wa kamfanin kashe kuɗi sosai, kuma ba zai iya sayar wa wani shi ba. Kuɗin da ya biya don samun izinin nuna fim ko gasar ƙwallo, da albashin ma'aikata, da na'urorin da ke ajiye kayan, duk suna nan ko ka kalla ko ba ka kalla ba. Ba kamar kujerar mota ba ce da idan ka fasa tafiya kwandasta zai sa wani.

Na uku, naira 3,000 ɗin ba aljihu ɗaya ta shiga ba. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne cikin ɗari tun daga Fabrairun 2020. Idan an haɗa shi a cikin farashin, kusan naira 209 na gwamnati ne. Google yana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari a kan rajistar wata-wata tun daga Janairun 2022, wanda zai kama kusan naira 419 a abin da ya rage. Mai manhajar zai tashi da wajen naira 2,370. Ana iya warware duk wannan idan za a maido da kuɗi, amma aiki ne: a gyara lissafin haraji, a bi ta kamfanin kati, a jira banki, sannan a zaunar da ma'aikacin da zai amsa wa wanda ya yi kwana goma yana jiran alat bai gani ba. A kan naira dubu biyu, kamfani yana ganin wahalar ta fi kuɗin.

Wannan dalilin na uku ban cika ba shi nauyi ba, kuma ga hujjata. Idan mai iPhone yana kan ƙaramin tsari ya ce zai hau babba a tsakiyar wata, Apple yana ɗaga shi nan take, ya lissafa kwanakin da suka rage masa a tsohon tsarin ya maido masa da kuɗinsu. Idan kuma daga babba zai sauko zuwa ƙarami, sai a ce ya jira ƙarshen wata. Ashe na'urar ta iya lissafin kwana-kwana sarai, tana yin sa ne a lokacin da kuɗi zai ƙaru. Saboda haka kada wani ya ce abin ba ya yiwuwa. Zaɓi ne na kasuwanci, kuma akwai wani ɓangare nasa da ba a faɗa a fili: kwanakin da aka biya ba a ci ba, da watannin da aka sabunta don mantuwa, riba ce tsagwaronta.

Duk da haka, a kan wata ɗaya ina tare da ƙa'idar. Mai shagon Ringim ya san farashi, ya san wa'adi, an ba shi abin da aka ce, kuma ba a ƙwace masa kwana ko ɗaya ba. Damina ce ta canza masa lissafi, ba kamfanin ba. Iyakar asararsa ba za ta wuce kuɗin wata guda ba.

Sai dai kada a riƙe “ba a rufewa sai ƙarshen wata” kamar ba ta da togiya. Gwajin kyauta shi ne babban wurin da take karyewa. Tunda ba ka biya komai ba, babu kwanakin da kake bi, kuma kowane kamfani da yadda yake yi. Spotify ya bayyana cewa wanda ya soke a lokacin gwajin da ba a biya ko kwabo ba, nan take zai koma tsarin kyauta. Wasu kuma sukan bar mutum har gwajin ya ƙare. A nan shawarar soke tun ranar farko ba ta aiki kai tsaye, sai mutum ya karanta abin da aka rubuta a allon ƙarshe kafin ya tabbatar. Idan an ce za a rufe yanzu, ya koma baya, ya sa ƙararrawa a waya ta tuna masa kwana biyu kafin gwajin ya cika. Haka kuma goge asusu gaba ɗaya daban yake da soke rajista: wanda ya danna Delete account zai iya rasa sauran kwanakinsa da duk abin da ya ajiye. Wanda kuma ya nemi a maido masa da kuɗi aka amince, to ya sa ran rufewa a lokacin, don ba a haɗa kuɗi da kwanaki a hannu ɗaya.

Abin da ya fi cin kuɗin mutane a karkara ma ba rashin maido da saura ba ne, sokewar da ba ta soku ba ce. Hanya mafi yawa ita ce goge manhaja daga waya. Mutum ya cire ta, ya ga ta ɓace daga allo, ya ɗauka an rabu. Rajistar ba a cikin wayar take ba, tana jikin asusunsa na Google ko Apple, kuma za ta ci gaba da cin kuɗi ko da wayar ta faɗa rijiya. Ta biyu ita ce kwashe kuɗi daga banki don in sun zo cira su tarar babu. Za su tarar babu ɗin, amma ba su ɗauka ka soke ba, sun ɗauka kati ne ya sami matsala, sai su yi ta sake gwadawa kwanaki ko makonni. Ranar da aka turo maka kuɗin riɗi ko na akuyar da ka sayar, a ranar za a zare.

Akwai kuma wadda ta fi shafar ƙauye, ita ce ta asusun da ba naka ba. Sau da yawa wanda ya sayi sabuwar waya a kasuwa, mai shagon ne ko wani yaro ke buɗe masa Gmail, wani lokacin ma yaron nasa asusun yake sawa don sauri. Daga baya waya ta lalace, a sayi wata, a buɗe sabon Gmail. Mutum ya shiga Subscriptions ya ga babu komai, alhali duk wata ana cirar masa kuɗi. Rajistar tana can a tsohon asusun, kuma daga can kaɗai za a iya soke ta. Idan akwai asusu fiye da ɗaya a wayar, a taɓa hoton da ke sama a sauya zuwa ɗayan a sake dubawa. Idan tsohon asusun ya ɓace har abada, babu lambar sirri babu layin da aka buɗe shi da shi, mafita ita ce a je banki a sa su toshe katin a karɓi sabo. Irin wannan kuskuren ne kuma ke faruwa ga wanda ya biya ta Google Play amma ya je cikin manhajar yana neman wurin sokewa. Ƙa'idar ita ce ta ƙofar da kuɗi ya fita, ta nan ake rufewa. Sunan da ya fito a alat ɗin banki shi zai nuna maka ƙofar: idan sunan Google ne a gaba, Play Store za ka, idan sunan kamfanin ne kai tsaye, shafinsu za ka.

Yaya za ka san ta soku? Kada ka yarda da cewa ka danna, don a inda sabis ke ɗaukewa, allon tabbatarwa na ƙarshe yakan tsaya yana juyawa, mutum ya fita yana zaton an gama. Ka koma wurin ka sake dubawa. A iPhone, a cikin Settings, ƙarƙashin sunanka, a Subscriptions, rajista mai rai tana ɗauke da kalmar Renews da kwanan wata, wadda aka soke kuma tana ɗauke da Expires. A Play Store za ka ga maɓallin sokewa ya ɓace, Resubscribe ya maye gurbinsa. Galibi saƙon imel ma yana zuwa. Ka ɗauki hoton allon da kwanan watan a jiki. Idan aka cire maka kuɗi bayan nan, wannan hoton ne shaidarka, kuma a irin wannan yanayin maganar maido da kuɗi ta zama haƙƙi, ba alfarma ba. Wanda kuma mantuwa ce ta sa aka sabunta masa, ya yi sauri: Google yana karɓar buƙatar maido da kuɗi a cikin sa'o'i 48 da cirewa, ko da yake ba dole ne ya amince ba, bayan nan sai dai a nemi mai manhajar. Na Apple ana nema ne ta reportaproblem.apple.com. Kada a buɗe manhajar a ci gaba da kallo bayan an tura buƙatar, don yana raunana hujjar cewa ba a so sabuntawar ba.

Mai dikoda da ke zuwa wurin wakili ya biya da hannu duk wata ba shi da abin sokewa. Idan bai sake biya ba, ranar da wa'adi ya cika tashoshi su ɗauke, shi ke nan. Matsalarsa ta daban ce: taransifomar gari ta ƙone mako biyu, ko batirin sola ya mutu, ko man janareta ya gagara, kwanaki kuma suna ta zuba. Laifin ba na kamfanin talabijin ba ne, don haka ba zan ce ya biya diyya ba. Amma maganin wannan yana nan, shi ne dakatarwa, kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 2016 hukumar kare haƙƙin masu saye ta lokacin, CPC, ta umarci MultiChoice, mai DStv da GOtv, da ya bai wa masu rajista damar dakatar da ita na kwana 7 zuwa 14 idan sun sanar tun da wuri. Dakatarwa ba ta fitar da ko kwabo daga hannun kamfani, ba ta buɗe ƙofar wayon biya Juma'a a soke Litinin, agogon kawai take tsayarwa. A wurin da wuta da sabis ba su da tabbas, kuma rayuwa ke bin damina da rani, ya kamata wannan ya zama wajibi a kan duk mai sayar da rajistar wata, a kuma sa shi a lambar da ake dannawa a ƙaramar waya, ba sai an hau intanet ba. A lura dai, abin da wasu manhajoji ke kira Pause ba haka yake ba. A YouTube Premium, misali, dakatarwar tana farawa ne bayan watan da ka biya ya ƙare, wato biya na gaba take jinkirtawa, ba ta adana maka kwanakin da ke hannunka.

Idan kuwa daga wurin kamfanin ne abin ya tsaya, ka biya ba a buɗe maka ba sai bayan kwana biyar, ko manhajar ta daina aiki ga kowa, to rubutun “ba ma maido da kuɗi” ba shi ne ƙarshen magana ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a sashe na 130 idan mai yin hidima ya gaza yin ta yadda ya kamata, mai saye yana iya neman a gyara ko a maido masa da wani kaso mai ma'ana na abin da ya biya. A fara da kamfanin a rubuce, da ranakun da abin ya tsaya da shaidar biya. In bai saurara ba, a kai wa FCCPC. Idan abin ya shafi layin waya ne, data ko wani abu da ke cin katin kira, a fara kiran kamfanin layin a 300, a karɓi lambar ƙorafi, sannan a kira hukumar sadarwa ta NCC a 622 kyauta. Ga abubuwan da ke zare kuɗin kati kullum ba ka san ka shiga ba, *305# ita ce lambar da aka ware wa dukkan layuka don tsayar da su.

Sai rajistar shekara, inda nake ganin ƙa'idar ta wuce gona da iri. A mai da misalinmu: a ce manhajar nan ta naira 3,000 a wata ta yi tayin shekara a kan 30,000, mai shagon ya ga rangwamen wata biyu ya biya bayan ya sayar da amfanin gona. Bayan wata biyu waya ta lalace, ko ya ga abin bai yi masa ba. Ya soke, za a bar masa ƙofa a buɗe har wata goma masu zuwa, ba a ba shi komai ba. Naira 25,000 ke nan a kwance. Akwai ma wanda ya fi wannan tsanani, wato yarjejeniyar shekara da ake biya wata-wata, wadda mai saye ke ɗauka ta wata ce. Masu shagon buga kati da hoto sun san ta a Adobe, kamfanin manhajojin zane da gyaran hoto: wanda ya fasa bayan kwana 14 na farko, ana cajinsa rabin kuɗin watannin da suka rage. Hukumomin Amurka sun kai kamfanin kotu a Yunin 2024 bisa zargin bai fito da wannan sharaɗi fili ba. Kafin a danna biya, a duba ko an rubuta Annual, wato na shekara, a kusa da farashin wata.

Hujjar buhu da mudu ba ta kare wannan, don ita kanta ta nuna yadda za a raba gardamar. Idan damuwar kamfani ita ce kada mutum ya ci rangwamen shekara alhali wata biyu ya yi, to a janye rangwamen. A ƙirga masa wata biyun a kan cikakken farashin wata, 3,000 sau biyu, 6,000. Watan da ya shiga bai ƙarasa ba a ƙirga shi cikakke. A cire daga 30,000, a maido masa da 24,000, ko a ɗan rage wani abu na ɗawainiya. Kamfani bai yi asarar komai ba in aka gwada da wanda ya biya wata-wata ya daina. Sashe na 120 na dokar nan ta 2018 ya bai wa mai saye damar fasa abin da ya yi oda ko ya kama tun da wuri, a cire masa caji daidai misali. A fahimtata, watanni goman da ba a shiga ba sun yi kama da hakan ƙwarai, kuma FCCPC ce ya kamata ta fito ta faɗi matsayinsu a fili. Kafin nan, wanda kuɗinsa ke shigowa da kaka ya kuma san damina za ta ɗauke shi daga waya wata huɗu, ya yi lissafi tukuna: wata takwas a kan 3,000 naira 24,000 ne, ƙasa da 30,000 ɗin da ake ce masa rangwame.